Daga Bakin Get Zuwa Kan Kujera: Imel ɗin Maraba ga Sabon Ma'aikaci

Tsakanin ranar da aka sanar da mutum an ɗauke shi aiki da ranar da zai fara, akwai 'yan kwanaki da yawanci babu mai kula da su. Waɗanda suka yi masa intabiyu sun gama nasu, sashen da zai shiga kuma bai karɓe shi ba tukuna. Shi kuwa yana gida da tambayoyin da yake jin nauyin yi: ƙarfe nawa zan iso, ta wace ƙofa zan shiga, wa zan ce na zo nema, me zan riƙo a hannu? Imel ɗin maraba shi ne saƙon da ofis ke aika masa a wannan tsakanin domin ya amsa waɗannan tambayoyi tun kafin a yi su. Aikinsa guda ne, ya ɗauko mutumin da bai san wurin ba daga ƙofar gidansa, ya kai shi kan kujerarsa da takardunsa cikakku, ba tare da ya buga wa kowa waya yana neman kwatance ba.

Sau da yawa ina jin manajoji suna cewa, ai mun ba shi takardar ɗauka, me kuma za mu rubuta masa? Wannan magana tana ɓata mini rai, domin abubuwa biyu ne daban. Takardar ɗauka takardar yarjejeniya ce. A cikinta ake faɗin muƙami, albashi, hutu, da wa'adin sanarwa idan za a rabu. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ma ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci irin waɗannan sharuɗɗa a rubuce kafin wata uku su cika da fara aikinsa. Takarda ce da lauya zai iya karantawa, a ajiye ta a fayil shekara da shekaru. Amma je ka duba kowace takardar ɗauka ka gani ko ta faɗa maka cewa babbar ƙofar kamfanin ta manyan motoci ce kawai, ma'aikata ta lungun baya suke shiga. Ba za ta faɗa ba, kuma ba aikinta ba ne. Imel ɗin maraba na kwana ɗaya ne tak, bayan ranar farko amfaninsa ya ƙare, shi ya sa dole ya kasance cike da ƙananan bayanan da takardar ɗauka ta fi ƙarfin ambata.

Wasu kuma sun karkata ɗaya ɓangaren, sun mai da shi gaisuwa zalla. Sakin layi uku na murna, tarihin kamfani, burinsa na shekaru masu zuwa, sannan a ƙarshe layi guda: sai mun gan ka ranar Litinin. Murna tana da wurinta, jimla biyu sun ishe ta.

Abin da na fi damuwa da shi a wannan wasiƙa, wanda kuma kusan kowa ke tsallakewa, shi ne bakin get. Hausawa sun ce baƙo ko da idonsa makaho ne, kuma babu inda wannan ya fi bayyana kamar taku hamsin na ƙarshe kafin mutum ya shiga ofis. Wanda ya rubuta imel ɗin ya shekara biyar yana shiga ginin nan. Maigadi ya san fuskarsa, yana hango motarsa yake buɗe masa. Ya manta sarai cewa akwai littafin baƙi, akwai katin da ake ratayawa, akwai tambayar "wajen wa ka zo?" da ba a wuce ta sai da amsa. Sabon ma'aikaci ba shi da katin shaida, ba a san shi ba, kuma a wurin maigadi bai bambanta da masu zuwa neman aiki da takardu a ambulan ba. Kamanninsu ɗaya ne: sabuwar guga, ambulan ruwan ƙasa a hannu, da fuskar mai jira.

Na taɓa ganin wannan da idona a wata masana'anta, wadda ba sai na faɗi sunanta ba. Wani saurayi da aka ɗauka a sashen ajiyar kaya ya iso tun ƙarfe bakwai da rabi, rabin awa kafin lokacin da aka ba shi. Maigadin, wani dattijo mai tsare aikinsa, ya tambaye shi wajen wa ya zo. Yaron ya ce an ɗauke shi aiki ne, yau zai fara. Dattijon ya duba takardar da ke gabansa, babu sunan yaron. Ya ce masa, "Ɗana, ban ƙi ta taka ba, amma ba a faɗa mini ba. Wa ya ce ka zo?" Yaron ya fito da waya ya nuna saƙon. A ƙasansa an rubuta sunan sashen kula da ma'aikata kawai, babu sunan mutum, lambar wayar da ke jiki kuwa ta teburin ofis ce, kuma babu kowa a teburin a wannan lokaci. Dattijon ya jawo masa benci a ƙarƙashin darbejiya, ya ce ya zauna. Ma'aikata suka yi ta wucewa ta gabansa, cikinsu har da shugaban sashen da zai yi aiki a ƙarƙashinsa, wanda bai taɓa ganin sa ba domin ba ya cikin masu intabiyu. Sai wajen ƙarfe goma wata ma'aikaciya da ta fito karɓar saƙo ta gane shi ta shiga da shi. A ciki, maganar farko da ya ji daga bakin shugabansa ita ce, "Ranar farko ka makara?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri. Bai ce tun da sassafe yana waje ba, saboda kunya da gudun kada a ce ya fara da kai ƙara. Maigadi ya yi daidai, yaron ya yi daidai, shugaban ma bisa abin da ya sani bai yi ƙarya ba. Laifin na wasiƙar ne, kuma layi biyu kacal suka rage mata: sunan mutum guda da lambar wayar da ke aljihunsa.

Saboda haka nake cewa a rubuta sashen isowa kamar mai tsaye a waje yana kallon ginin. Adireshi shi kaɗai ba ya wadatarwa a garuruwanmu. A unguwannin masana'antu na Kano, irin su Sharaɗa da Bompai da Challawa, lambar fuloti tana kan takarda, amma da wuya ka gan ta a jikin katanga, kuma mai adaidaita sahu ba da ita yake aiki ba. Shi kwatance ya sani: bayan gidan mai, kwana ta biyu hannun dama, baƙin get kusa da taransifoma. A rubuta adireshin hukuma, sannan a bi shi da kwatancen da za a iya karanta wa direba da baki. A faɗi ta inda aka fara kwatancen, domin hannun dama na mai fitowa daga cikin gari hannun hagu ne ga mai shigowa daga waje. A haɗa da alamar taswira ta waya, amma wani ya je bakin ƙofar da ake so a shiga ya tsaya ya ɗauko ta a can. Idan aka ɗauko ta daga cikin ofis, taswirar takan kai mutum titin da ya fi kusa da tsakiyar ginin, wanda sau da yawa bayan katanga ne inda babu ƙofa.

Abin hawa ma yana cikin kwatance, musamman ga wanda zai zo daga wani gari. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano tun 2013, a tsakiyar Abuja kuwa tun 2006. Wanda ya saba da garin da yake tare mai babur a ƙofar gida zai yi lissafin lokacinsa bisa abin da ya saba, kuma lissafin zai ƙwace masa. Wanda ya sauka wajen 'yan uwa a Mararraba ko Nyanya, aikinsa kuma yana cikin Abuja, ya kamata a faɗa masa a fili cewa cunkoson safiya a wannan hanya yana iya cin fiye da awa guda. Mazauna garin sun ɗauki wannan abin da kowa ya sani. Baƙo bai sani ba.

Sai lokaci. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi: kada a kira sabon ma'aikaci a daidai lokacin buɗe ofis. Idan ana fara aiki ƙarfe takwas, a ce masa tara ko tara da rabi. Ƙarfe takwas na safiyar Litinin shi ne lokacin da get ya fi cika, mai tarbarsa wataƙila yana kan hanya, shugaban sashe yana shirin mitin ɗin mako. Awa guda tana ba kowa damar zama. Amma a bayyana masa cewa wannan na ranar farko ne kawai, a faɗi lokacin da aka saba, in ba haka ba ranar Talata ma tara zai zo. Kwanan wata a rubuta shi da sunan rana da sunan wata, kada a bar shi lambobi zalla. A faɗi lokacin tashi, da yadda ake yi ranar Juma'a, da ko akwai masallaci da wurin cin abinci a harabar.

Yanzu abin da zai riƙo. Jerin takardun kusan kowa ya san shi, ba zan tsaya a kansa ba. Abin da ba a lura da shi ba shi ne takardun ba daidai suke ba wajen wahalar samu, kuma wannan ne ya kamata ya yanke ranar da za a aika imel ɗin. Akwai waɗanda suke cikin akwatinsa: shaidar karatu, shaidar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa, takardar NIN. Akwai na yini guda, kamar hoton fasfo da fotokwafi. Sannan akwai masu buƙatar tafiya da jiran sa hannun wani: shaidar ƙaramar hukuma, wadda mutum zai iya komawa garinsu dominta, takardar lafiya daga asibitin gwamnati, takardar rantsuwar shekaru daga kotu ga wanda ba shi da ta haihuwa, da fom ɗin mai tsaya masa, wanda sai ya sami babban mutum ya zauna ya cike ya manna hotonsa. A Nijar ana yawan neman takardar kotu mai nuna ba a taɓa yanke wa mutum hukunci ba, kuma akan so wadda ba ta wuce wata uku da fitowa ba. Imel ɗin da ya iso ranar Juma'a da yamma yana neman irin waɗannan kafin Litinin ya nemi abin da ba zai yiwu ba, domin kotu da sakatariya a rufe suke Asabar da Lahadi. Mafi ƙaranci a ba mutum kwana bakwai zuwa goma, kuma a raba masa jerin biyu: abin da dole ya zo da shi ranar farko, da abin da zai iya kawowa cikin mako biyu.

Lambobi biyu ne suka fi jinkirta albashin farko, don haka a nemi a zo da su a rubuce. Ta farko lambar asusun banki, mai lamba goma, tare da sunan da ke kan asusun harafi da harafi. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a shaidar karatu, Mohammed a banki, ga sunan mahaifi a gaba a wata takardar, a baya a wata. Gara a gano wannan a makon farko da a gano shi ranar biya. Ta biyu lambar fansho. Dokar gyaran fansho ta 2014 ta sa ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusun da ma'aikacin ya buɗe da kamfanin fanshon da shi ya zaɓa. Asusun guda ne, yana bin mutum duk inda ya koma aiki. Kuskuren da ake yi shi ne wanda ya taɓa aiki a wani wuri ya zaci sabon aiki sabon asusu, ya je ya sake buɗewa, a bar shi da wahalar haɗe su. Jimla guda a imel tana hana wannan: in kana da lamba, kawo ta, kada ka buɗe wata.

Akwai kuma abin da wasiƙar kirki ba ta nema, kuma yana da kyau ta faɗi hakan da bakinta. Ba ta neman kuɗi, ko na fom, ko na katin shaida, ko na horo. 'Yan damfara suna kwaikwayon irin wannan saƙo sosai, da tambarin kamfani da kalaman murna, sannan su ce a tura wani abu kafin Litinin. Ofishin gaskiya ya rubuta cewa ba ya karɓar ko kwabo, kuma ba zai taɓa neman lambar sirri ta katin banki ko lambar da banki ke turowa waya ba. Ni ban ma yarda a ce mutum ya turo hotunan takardunsa duka ta imel ba, su zauna a akwatin saƙon mutum uku ko huɗu. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, kuma ko babu doka, shaidar haihuwar mutum da lambobinsa amana ce. Ya zo da su a hannu. Asalin takardun karatu kuwa a duba su a gabansa a mayar masa a take. Al'adar riƙe wa ma'aikaci asalin shaidarsa a matsayin jingina mummunar al'ada ce, kuma faɗin cewa ba a yin ta yana kwantar da hankalin mutum fiye da duk kalmomin maraba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi. Wani kamfanin sarrafa shinkafa a Sharaɗa ya ɗauki akanta, mace, mazauniyar Zariya, za ta fara ranar Litinin 12 ga Mayu. Imel ɗin ya kamata ya fita tun ranar Juma'a 2 ga wata, daga adireshin kamfani, da sunan mutumin da ta riga ta yi magana da shi. A layin `Subject` a sa abin da za ta iya nemowa cikin sauri a waya: Ranar farko, Litinin 12 ga Mayu, 9:00 na safe. Shugaban sashenta ya kasance a `Cc`, domin ya ga irin abin da aka faɗa mata. Jikin saƙon zai tafi kamar haka:

"Assalamu alaikum Malama. Muna murna da zuwanki, kuma muna sa ran ganin ki ranar Litinin 12 ga Mayu da ƙarfe 9:00 na safe. Wannan lokacin na ranar farko ne kawai, daga Talata ana fara aiki ƙarfe 8:00, a tashi 5:00.

"Muna Sharaɗa, kashi na biyu. In kin fito daga cikin gari, ki wuce gidan mai, ki shiga kwana ta biyu a hannun dama. Za ki fara ganin babban get mai shuɗin fenti, wannan na tireloli ne, kada ki tsaya. Ki ƙara gaba kaɗan zuwa ƙaramar ƙofa kusa da masallaci. Alamar taswirar da na haɗa ta wannan ƙofar ce. Zan ba masu gadi sunanki. Ki nuna musu takardar NIN, ki ce wajena kika zo, ni zan fito in shiga da ke. Lambar wayata tana ƙasa, kuma a kunne take tun 7:00. In ba ki same ni ba, ga lambar abokiyar aikina.

"Ranar Litinin ki zo da takardar ɗauka da kika sa wa hannu, asalin shaidar karatunki da ta hidimar ƙasa tare da kwafi biyu na kowace, hoton fasfo huɗu, lambar asusun banki da sunan da ke kansa, da lambar fansho in kina da ita. Asalin takardun za mu duba ne mu mayar miki nan take. Takardar lafiya da fom ɗin mai tsaya miki, wanda na haɗa a nan, kina da har 26 ga Mayu. Ba sai kin zo da kwamfuta ba, akwai taki. Za mu zagaya cikin injina, don haka ki sa rufaffen takalmi, mayafi kuma wanda ba ya ja. Akwai abincin rana a kantin ma'aikata. Ba ma karɓar kuɗi a kan komai. Ki amsa mini wannan saƙon kafin Laraba don in san ya iso."

Ka lura da maganar takalmi da mayafi. Masu rubuta irin wannan wasiƙa sukan ce a yi shiga ta mutunci su wuce, alhali kowa yana ganin shigarsa ta mutunci ce. Abin da mutum ke buƙata shi ne abin da ya keɓanci wurin: a banki ko ana sa kwat, ko ranar Juma'a ana sa kayan gida, a masana'anta kuma babbar riga da mayafi mai tsawo haɗari ne kusa da bel ɗin inji. Ka lura kuma an faɗi abin da ba sai ta kawo ba. Wanda zai hau mota daga Zariya da asuba, rage masa kaya taimako ne.

Jimlar ƙarshe ta neman amsa ita ce ma'aunin ko wasiƙar ta yi aiki. Da yawa daga masu neman aiki sun buɗe imel ne don cike fom, ba sa duba shi kullum, kuma saƙo mai ɗauke da fayil daga adireshin da ba a saba da shi ba yakan faɗa `Spam`. Idan Laraba ta yi babu amsa, a buga waya, a kuma tura gajeren tes mai rana da lokaci da ƙofa, wanda zai buɗe ko babu data. Idan amsa ta zo da tambaya, a rubuta tambayar a gefe, domin ta nuna gurbin da aka bari, kuma na gaba ma zai buƙaci amsarta. Sannan ranar Juma'a kafin a tashi, wanda ya sa hannu a wasiƙar ya taka da ƙafarsa zuwa get, ya ba shugaban masu gadi sunan a rubuce, ya tambaya wane ne ke aikin safiyar Litinin. Masu gadi suna canjin aiki, kuma wanda aka faɗa wa da baki ranar Juma'a da rana sau da yawa ba shi ne zai kasance a ƙofa ranar Litinin ƙarfe tara ba, don haka a sa sunan cikin littafin miƙa aiki da suke bar wa juna.